Wasiƙar Neman Gyara ko Canjin Firinta: Yadda Shugaban Makaranta Zai Karɓi Haƙƙin Garanti

Garanti alkawari ne a rubuce da kamfanin da ya ƙera na'ura, ko wanda ya sayar da ita, yake yi wa mai saye: idan na'urar ta samu matsala daga ƙira cikin wani ƙayyadadden lokaci, za a gyara ta ko a canza ta ba tare da an biya ko sisi ba. Yawancin sababbin firintocin ofis suna zuwa da garantin shekara ɗaya daga ranar saye. Sai dai mai kaya ba zai cika alkawarin ba sai an nema, kuma hanyar nema da ta fi ƙarfi ita ce wasiƙa. Kiran waya ba ya barin shaida, haka ma aika masinja da saƙon baki. Wasiƙa mai kwanan wata da sa hannu tana nuna ranar da aka sanar da mai kaya, da abin da aka gaya masa, da abin da aka nema daga gare shi.

A makaranta lamarin ya fi nauyi, domin firintar ba ta shugaban makaranta ba ce. An saye ta da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, ko na gwamnati, ko na mamallakin makarantar, kuma ran da masu binciken kuɗi suka zo za su tambayi inda take da abin da aka yi lokacin da ta tsaya. Saboda haka wasiƙar tana aiki biyu: tana neman haƙƙi a wajen mai kaya, tana kuma zama shaida a fayil cewa shugaban ya kula da amanar da ke hannunsa.

Inda haƙƙin ya samo asali

Makarantar da ta sayi sabuwar firinta a Najeriya tana iya dogara da abubuwa uku, kuma ya kamata mai rubuta wasiƙa ya san da wanne yake magana.

Na farko shi ne garantin kamfanin da ya ƙera na'urar. Yana cikin ɗan littafi ko kati da ke cikin kwali, kuma manyan kamfanoni suna da shafi a intanet inda ake shigar da lambar siriyal a ga ranar da garantin zai ƙare. Wani lokaci ranar da shafin ya nuna takan gaza wadda ta dace, domin an fara lissafi tun lokacin da kayan suka bar masana'anta. Rasit ɗin saye ne yake gyara wannan kuskure. Akwai kuma kamfanonin da suke ɗaure garantinsu da yawan shafukan da aka buga, wato shekara ɗaya ko shafuka kaza, duk wanda ya riga cika.

Na biyu shi ne garantin mai shago. Shi ne abin da ake rubutawa a jikin rasit, kamar wata uku ko wata shida, kuma yawanci shi kaɗai ake samu idan firintar ta hannu ce, wadda ake kira tokumbo. Idan ba a rubuta shi ba, tabbatar da shi yana da wuya.

Na uku shi ne doka. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta shekarar 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 131 ya ba mai saye haƙƙin samun kaya masu inganci, marasa aibi, waɗanda za su yi aikin da aka saye su dominsa. Sashe na 132 ya ce idan kayan suka gaza haka cikin wata uku da karɓarsu, mai saye yana iya mayar da su, kuma ɗawainiyar mayarwar tana kan mai sayarwa, wanda dole ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi. Rubutun da wasu shaguna suke bugawa a ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a dawo da su ba ya soke wannan haƙƙi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai karatun fiƙihu, domin malamai sun daɗe suna karantar da cewa wanda ya sayi kaya ya tarar da aibin da aka ɓoye masa, ko wanda ba a san da shi ba lokacin ciniki, yana da zaɓin mayarwa.

Darasin da ke nan shi ne lokaci. Wasiƙar da aka aika a wata na biyu tana da goyon bayan doka da garanti gaba ɗaya, wadda kuwa aka jinkirta zuwa wata na biyar ta rasa damar wata ukun nan.

Tantance matsalar kafin a ɗauki alƙalami

Garanti yana ɗaukar nauyin aibin ƙira ne kawai. Ba ya ɗaukar ɓarnar da wutar lantarki mai ƙarfi ta yi, ko faɗuwa, ko shigar ruwa, ko ɓera da kyankyaso, ko abin da ya lalace a hannun mai gyaran da kamfani bai amince da shi ba. Haka kuma ba ya ɗaukar abubuwan da dama ƙarewa suke yi, kamar tawada. Sabuwar firinta takan zo da katirij na gwaji wanda ba a cika shi kamar na sayarwa ba, don haka saurin ƙarewarsa ba aibi ba ne. Mai kaya zai fara neman ɗaya daga cikin waɗannan dalilai ne don ya zame, shi ya sa wasiƙa mai kyau take toshe su tun daga farko.

Don a iya bayyana matsala daidai, akwai buƙatar sanin yadda firintar leza, wadda makarantu suka fi amfani da ita, take aiki. Tawadarta gari ce mai laushi da ake kira tona, wadda yawancinta roba ce da launi. Wata ƙaramar taya tana jawo takarda daga tire. Wani gangan ƙarfe mai rufi na musamman, wanda masu gyara suke kira dirom, yana ɗaukar garin bisa siffar rubutun ya ɗora shi a kan takardar. Daga nan takardar ta ratsa sashen da ake kira fiyuza, wanda zafinsa yake kusantar digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, ya narkar da garin ya manna shi. Kowace irin matsala tana nuna wani sashe daban.

Idan takarda ba ta shiga, ko tana shiga biyu-biyu, a fara zargin tayar jawowa da kuma takardar kanta. Ƙurar hunturu tana sa tayar santsi, laimar damina kuma tana sa takardu su manne da juna. Idan wani tabo ko layi yana maimaita kansa a tazara ɗaya daga saman shafi zuwa ƙasa, wani abu mai juyawa ne ya samu rauni, galibi dirom. Idan kuwa rubutun ya fito amma yana gogewa da zarar an shafa shi da yatsa, to garin bai narke ba, kuma hakan yana nuna fiyuza. Wasu na'urorin suna faɗin abin da ke damunsu a ɗan allonsu. A firintocin HP LaserJet, alal misali, lambar da ta fara da 13 tana nufin takarda ta maƙale, wadda ta fara da 50 kuma, kamar `50.2 Fuser Error`, tana nufin sashen zafi. Duk abin da allo ya nuna a kwafe shi harafi da harafi cikin wasiƙar, a kuma ɗauki hotonsa da waya.

Gwaje-gwaje huɗu sun isa, kuma babu wanda yake buƙatar sukuddireba. A cire wayar da ta haɗa firintar da kwamfuta, a sa ta buga shafin bayanin kanta daga maɓallanta. Idan matsalar ta fito a wannan shafi, an wanke kwamfuta daga zargi. Shafin yana kuma nuna lambar siriyal da jimillar shafukan da na'urar ta buga tun fitowarta. A buɗe sabon rim na takarda A4 mai nauyin giram 80 a gwada. A sa wani katirij na asali idan akwai. Sannan a gwada na'urar a kan tsayayyar wuta, domin fiyuza yana jan wuta da yawa lokacin da yake ɗaukar zafi, kuma ƙaramin janareto ko raunanniyar wuta suna iya hana shi kaiwa zafin da ake so. Wutar Najeriya bolt 230 ce. Firintar da aka ƙera don ƙasashen da ke amfani da 110 tana ƙonewa idan aka jona ta kai tsaye, don haka a duba abin da aka rubuta a takardar da ke manne a bayanta.

Iyakar abin da makaranta za ta yi ke nan. Kada a kira mai gyaran unguwa ya buɗe ta don ya duba, kada kuma a ɓalle wata ƙaramar takardar hatimi da aka manna a kan kusoshinta. Buɗewar rabin sa'a tana iya kashe garantin shekara guda.

Abin da wasiƙar za ta ƙunsa

A Najeriya akan rubuta irin wannan wasiƙa da Turanci idan kamfani ne babba, da Hausa kuma idan mai shagon ya fi gane ta. Harshen bai canza ginin ba. Ana rubuta ta a takarda mai tambarin makaranta, da lambar fayil da kwanan wata, a aika wa manaja ko mamallakin kamfanin da sunansa yake kan rasit. Kuskure ne a aika wa yaron shagon da ya kawo kayan, domin ba shi da ikon yanke hukunci.

Jikin wasiƙar yana amsa tambayoyi biyar a jere. Wace na'ura ce, da samfurinta da lambar siriyal? Yaushe aka saye ta, kuma wace takarda ce shaida? Me take yi, tun yaushe? Me aka gwada, me kuma ba a taɓa ba? Me ake nema, zuwa wace rana? Shafi ɗaya ya ishe su. Dogon labarin wahalar da malamai suka sha, ko zargin mai kaya da ha'inci, ba ya ƙara wa buƙatar ƙarfi, sai ma ya ba shi abin da zai tsaya musu a kai ya bar ainihin maganar.

A ɗauka cewa wata makarantar sakandare ta sayi sabuwar firintar leza ranar 14 ga Oktoba, da garantin wata 12 a rubuce a rasit. Ranar 2 ga Disamba, ana shirin buga takardun jarrabawar zango na ɗaya, rubutu ya fara gogewa. Shafin bayani ya nuna ta buga shafuka 2,140. Ga irin wasiƙar da shugaban zai rubuta ranar 4 ga Disamba, an bar gurbin sunaye da lambobi:

> Zuwa ga Manaja,
> (sunan kamfani da adireshi)
>
> Yallaɓai,
>
> NEMAN GYARA KO CANJIN FIRINTA A ƘARƘASHIN GARANTI: SAMFURI (…), LAMBAR SIRIYAL (…)
>
> Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai cewa firintar da aka ambata a sama, wadda wannan makaranta ta saya a kamfaninku ranar 14 ga Oktoba bisa rasit mai lamba (…), ta samu matsala. Rasit ɗin ya nuna garantin wata 12.
>
> Tun ranar 2 ga Disamba duk shafin da ta buga rubutunsa yana gogewa idan an shafa shi da hannu. Haka yake faruwa har a shafin bayanin da take bugawa da kanta ba tare da kwamfuta ba. Mun gwada sabon rim na takarda da sabon katirij na asali, mun kuma jona ta a kan tsayayyar wuta ta hanyar sitabilaiza, matsalar ba ta gushe ba. Ba a buɗe na'urar ba, ba a zuba wa katirij ɗinta gari ba, kuma hatimin jikinta yana nan. Shafukan da ta buga zuwa yau 2,140 ne.
>
> Saboda haka muna neman ku turo injiniyanku ya duba ta, ko ku zo ku ɗauke ta, nan da ranar 8 ga Disamba, a kuma gyara ta kyauta zuwa ranar 18 ga Disamba. Idan gyaran ba zai yiwu cikin wannan lokaci ba, muna neman a canza mana ita da sabuwa irinta, ko a mayar da kuɗin da aka biya. Jarrabawarmu za ta fara ranar 11 ga Disamba, don haka za mu ji daɗi idan kun ba mu aron wata firintar kafin a kammala.
>
> An haɗa da kwafin rasit, da kwafin katin garanti, da shafuka uku na gwaji, da hoton takardar siriyal. Ma'ajin makaranta ne zai karɓi injiniyanku, a lambar waya (…). Muna roƙon amsa a rubuce.
>
> Wassalam.
> (sa hannu, suna, Shugaban Makaranta, hatimi)
>
> Kwafi zuwa: Shugaban ƙungiyar iyaye da malamai; Ma'ajin makaranta.

Dalilin kowane sashe

Kanun wasiƙar yana ɗauke da lambar siriyal domin ita ce ta bambanta wannan na'ura da dubban irinta. Ana samunta a takardar da ke manne a baya ko a cikin murfi, galibi bayan alamar `S/N`. Ya kamata ta yi daidai da wadda ke jikin kwali da wadda ke kan rasit. Idan mai shago bai rubuta siriyal a rasit ba, yana iya cewa ba wannan ce ya sayar ba, shi ya sa ake so a nemi ya rubuta ta tun ranar ciniki.

Sakin layi na biyu ya faɗi abin da ido ya gani, bai yanke hukunci ba. Shugaban bai ce fiyuza ya mutu ba, ko da yake alamun suna nuna haka. Da ya faɗa, sai a tambaye shi yadda ya sani idan bai buɗe ba. Kuma da injiniya zai tarar da cewa wani ɓangaren lantarki ne mai ba fiyuzan wuta ya lalace, sai a ce ƙorafin nasa ba daidai ba ne. Bayanin alama ba ya tashi ƙarya, ko me aka tarar a ciki.

Jimlar da ta ce ba a buɗe ba, ba a zuba gari ba, ita ce ƙashin bayan wasiƙar, amma sai idan gaskiya ce. Makarantu da yawa suna zuba wa katirij gari saboda tsadar sabo. Idan an yi haka, kada a musa, domin injiniya yana ganewa da ya duba katirij ɗin. Sharaɗin da manyan kamfanoni suka saba rubutawa shi ne ba za su ɗauki nauyin ɓarnar da irin wannan katirij ya jawo ba. Wannan bai kai a ce duk garantin ya faɗi ba. Idan aibin yana wani sashe da ba ruwansa da gari, kamar allon lantarki, makaranta tana da hujjar ci gaba da nema. Ƙarya guda kuwa tana zubar da sauran gaskiyar da ke cikin wasiƙar.

Adadin shafuka yana nuna cewa ba a wahalar da na'urar fiye da kima ba. Shafuka 2,140 cikin mako bakwai kusan 300 ke nan a mako, aikin da kowace firintar ofis za ta ɗauka. An yi fiyuza ne ya buga dubban shafuka masu yawa kafin ya gaji, don haka gazawarsa a wannan mataki tana nuna aibin ƙira. Adadin yana kuma kare makaranta ta wata fuskar: idan na'urar ta dawo daga shago da ƙarin shafuka dubu biyu, an san an yi aiki da ita a can.

Ranakun da aka gindaya su ne suke mayar da koke ya zama buƙata. Kalmomi irin su "cikin gaggawa" ko "da wuri" kowa da yadda yake fassara su. Kwana huɗu don a zo a duba da mako biyu don a gyara wa'adi ne da ba za a ce an matsa ba, musamman idan sai an aiko da kayan gyara daga Legas. Wa'adin ya kuma ƙare kafin 14 ga Janairu, ranar da wata ukun doka za su cika, don haka makaranta tana da sauran lokacin ɗaukar mataki na gaba. Aron firinta kuwa alfarma ce, sai dai idan takardar garanti ta ambace shi, shi ya sa aka saka shi da lafazin roƙo.

Gyara ko canji?

Mutane da yawa suna fara neman sabuwa kai tsaye, amma yawancin takardun garanti sun bar wa kamfani zaɓi tsakanin gyara da canji, kuma gyara yake fara zaɓa. Neman canji yana da ƙarfi a yanayi uku: idan na'urar ba ta taɓa aiki ba tun fitowarta daga kwali, idan an gyara matsalar ta dawo, ko idan babu kayan gyara cikin lokacin da ya dace.  Wannan ne ya sa ake so a karɓi takardar gyara mai kwanan wata da bayanin abin da aka canza.

Idan an yarda da canji, a duba abu biyu. Na ɗaya, ko sabuwa ce ko wadda aka sabunta, domin wasu sharuɗɗan garanti sun halatta wa kamfani ba da wadda aka sabunta. Na biyu, a rubuta sabuwar lambar siriyal a kan takarda mai sa hannun mai kaya, a kuma gyara littafin kayan makaranta. Sau da yawa garantin wadda aka canza ba ya farawa daga farko, ragowar na tsohuwar ne yake ci gaba, don haka a nemi a rubuta ranar ƙarewarsa.

Isar da wasiƙa da miƙa na'ura

A buga kwafi biyu. Wanda ya karɓa a kamfanin ya rubuta sunansa da kwanan wata a kan na biyun, ya buga hatimi, a dawo da shi fayil. Idan kamfanin yana wani gari, a aika ta kamfanin isar da saƙo mai ba da shaidar karɓa, a kuma tura hotonta ta imel ko WhatsApp a ranar. Rasit na asali ba ya barin makaranta. Kwafi ake bayarwa, kuma idan irin rasit ɗin nan ne na takarda mai santsi da rubutunsa yake dushewa, a yi masa kwafi tun ranar saye.

Ranar da za a ɗauki firintar, a rubuta takardar miƙawa: samfuri, siriyal, adadin shafuka, halin da jikinta yake ciki, da duk abin da aka haɗa, wato katirij da wayar wuta da tire. Ɓangarorin biyu su sa hannu. Ba tare da wannan takarda ba, sabon katirij yana iya dawowa tsoho, kuma babu mai iya tabbatar da komai. Idan an dawo da ita, a buga shafuka ashirin ko talatin a gaban wanda ya kawo, a shafa rubutun da yatsa, kafin a sa hannu cewa an karɓa lafiya.

Idan mai kaya ya zame ko ya yi shiru

Amsar da aka fi ji ita ce wuta ce ta ƙona ta. Makaranta tana da damar neman rahoton injiniya a rubuce wanda ya nuna sashen da ya ƙone da alamar da ta tabbatar da haka. Ɓarnar wuta mai ƙarfi takan bar shaida a sashen da wuta take shiga, kuma galibi na'urar ba ta kunnuwa sam. Firintar da take kunnuwa, take jan takarda, take rubutu, amma rubutun bai kama ba, ba ta yi kama da wadda wuta ta buga ba. Idan kuwa rahoton ya tabbatar da laifin wuta ne, adalci shi ne makaranta ta biya kuɗin gyara.

Amsa ta biyu ita ce a je wajen kamfanin da ya ƙera. Zuwa cibiyar gyara da kamfanin ya amince da ita yakan fi sauri, kuma babu laifi a bi wannan hanya. Amma da mai sayarwa aka ƙulla ciniki, kuma idan cibiyar ta ce siriyal ɗin na kayan da aka shigo da su ne daga wani yanki da garantinsa bai shafi Najeriya ba, nauyin yana komawa kansa. A nemi cibiyar ta rubuta hakan.

Idan wa'adi ya wuce babu amsa, sai wasiƙa ta biyu, gajeriya, mai ambaton lamba da ranar ta farko, da sabon wa'adi na mako guda, da sanarwar cewa bayansa za a kai ƙara. A nan ne ya dace a ambaci sashe na 132, wanda aka bar shi a wasiƙar farko don kada a fara da barazana. A kasuwannin kayan lantarki, shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa sukan sasanta irin wannan cikin kwanaki kaɗan. Idan hakan bai yi ba, hukumar FCCPC tana karɓar koke ta shafinta na intanet da ofisoshinta, wasu jihohin kuma, kamar Kano da Legas, suna da tasu hukumar kare masu saye. Abin da za su fara tambaya shi ne rasit, da shaidar cewa an sanar da mai kaya, da amsar da ya bayar.

Idan ba makaranta ce ta saya ba

A makarantun gwamnati sau da yawa ɗan kwangila ne yake kawo kaya bisa yarjejeniya da ma'aikatar ilimi ko hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. A irin wannan hali rasit da takardar kwangila suna hannun hukuma, kuma ita ce mai ikon tilasta wa ɗan kwangilar. Shugaban makarantar firamare zai rubuta ne zuwa ga hukumar ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, na sakandare kuma ta hannun ofishin shiyya, da bayanan nan guda biyar, tare da kwafin takardar da aka sa wa hannu ranar da aka sauke kayan. Haka abin yake idan kyauta ce daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko wani mai taimako: a nemi kwafin rasit daga wanda ya saya, a kuma sa shi cikin waɗanda za a aika wa kwafin wasiƙar. Tun da takarda takan daɗe tana yawo tsakanin ofisoshi, a rubuta ranar ƙarewar garantin a cikin kanun wasiƙar, domin duk jami'in da ta je teburinsa ya ga yawan lokacin da ya rage.